Gaisuwar Na'ura a Wayar Tarho

Abin da zan tattauna a kai yau shi ne 'yan kalmomin nan da mutum yake fara ji idan ya buga waya banki ko kamfanin waya, na'ura ta ɗauka maimakon ma'aikaci. Aikin kalmomin uku ne: su shaida wa mai bugowa inda ya faɗo, su karɓe shi da mutunci, su kuma sa shi ya faɗi buƙatarsa.

Wahalar da ke nan ita ce, gaisuwar Bahaushe musaya ce. An ce maka ina kwana, ka ce lafiya lau; an yi maka sallama, wajibi ne ka amsa. Ita kuwa na'ura, galibi an tsara ta ne yadda da zarar ta ji muryar mutum sai ta katse maganarta ta saurara, don kada a tilasta wa wanda ya saba da layin jiran abin da ya riga ya sani. Abin da ta fara ji kuwa, shi take ɗauka a matsayin buƙata.

To, bari mu ɗauki misalin wani banki da ya tsara gaisuwarsa kamar haka: "Assalamu alaikum. Barkanku da war haka. Ina wuni? Muna godiya da kuka kira bankinmu, bankin da ya damu da jin daɗinku. Muna sanar da ku cewa mun buɗe sababbin rassa. Yaya za mu taimaka muku?" Kalmomi 35 ke nan, waɗanda in an faɗe su a tsanake za su ci kamar sakan 15. Dattijon da katinsa ya ɓace ya bugo, ya ji sallama, ya amsa kamar yadda aka rene shi. Nan take na'ura ta yi tsit, ta nemi amsar sallamar a cikin jerin buƙatun da aka koya mata, ta rasa, sai ta ce masa ba ta gane ba. Watau ladabinsa ne ya jawo masa tuntuɓe tun bai kai ga zancen kati ba. Wanda kuma bai amsa ba, ya biya kuɗin sauraren tallar rassa, domin tun shekarar 2003 aka soma lissafin kuɗin waya da sakan a Nijeriya.

Gyaran da nake gani shi ne a bar tambaya ɗaya tak, a kuma ajiye ta a ƙarshe: "Barka da war haka, nan banki ne, na'ura ce ke magana. Me kuke buƙata?" Kalmomi 14, sakan shida ko ƙasa da haka. Barka da war haka ta dace da safe da dare, kuma in mai karantawa ta zarce ba ta numfasa bayanta ba, ba a ba mutum gurbin amsawa ba. An ce "kuke" domin na'ura ba ta san ko namiji ne ko mace ba, ga shi kuma lafazin girmamawa ne. Faɗin cewa na'ura ce ba rashin kunya ba ne. Shi ne ke sa mutum ya taƙaita, maimakon ya soma labari tun daga ranar da ya je kasuwa. Sauran fara'a kuwa a murya take, ba a yawan kalmomi ba, don haka a ɗauki muryar mai jin Hausa sosai, wadda ba ta sauri, ba ta kuma ɓata karin sauti.

Saura tambayar kanta. Buɗaɗɗiyar tambaya irin wannan ta shahara ne bayan aikin da Allen Gorin da abokansa suka buga a 1997 a kamfanin AT&T na Amirka, inda na'ura take barin mutum ya faɗi damuwarsa da bakinsa, sa'an nan ta tura shi sashen da ya dace. Aibinta shi ne, wasu sukan yi shiru don ba su san irin maganar da na'ura ke ganewa ba. Maganin wannan, a dakata kamar sakan biyu bayan tambayar, in ba a ji kome ba a ƙara da cewa, "Kuna iya cewa, ragowar kuɗina, ko katina ya ɓace." Misali biyu sun isa, kuma su zama daga buƙatun da aka fi bugowa a kansu, gama mutane sukan kwaikwayi tsawon misalin da aka ba su.

Ana gane inda gaisuwa ta gaza ta wurin sauraren jimlar farko ta masu bugowa, a ce mutum ɗari. Idan masu amsa gaisuwa sun yi yawa, akwai tambayar da ta ɓuya a tsakiya. Idan masu shiru ne, misalan ba su zo da wuri ba. Idan kuwa ana ajiye waya tun ba a kai ga tambayar ba, sai a koma a ƙirga kalmomin da suka gabace ta.