An cire kuɗin ko ba a cire ba? Tambayar da sanarwar gazawar biya ya kamata ta fara amsawa

Ma'aikaci ya shiga shafin wata hukuma domin biyan naira 25,000 na sabunta takardar izini. Ya sa lambar kati, ya jira, sai allo ya nuna masa "Transaction failed. Please try again." Can kuma wayarsa ta yi ƙara: banki ya cire kuɗin. Idan ya bi shawarar allon ya sake biya, naira 50,000 na iya fita daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba.

Laifin sanarwar shi ne ta haɗa matsaloli daban-daban cikin jimla ɗaya. Galibi cinikin kati yana dawowa da lambar amsa. Lamba 51 na nufin kuɗin asusun bai kai ba, 54 wa'adin katin ya ƙare, 91 kuwa ba a samu isa ga bankin mai katin ba. Kowace da maganinta, don haka kowace na buƙatar nata saƙon.

Inda lambar ta kasance 51, kamata ya yi a rubuta: "Biyan naira 25,000 bai shiga ba, domin kuɗin da ke asusunka bai kai ba. Ba a cire maka komai ba. Ka ƙara kuɗi ko ka sa wani katin, sannan ka sake biya."

Inda amsar bankin ta ɓace a hanya, sake biya shi ne haɗarin, domin mai yiwuwa an riga an cire kuɗin. A nan saƙon zai ce: "Ba mu samu tabbaci daga bankinka ba, don haka ba mu karɓi biyan naira 25,000 ba tukuna. Kada ka sake biya yanzu. Ka duba asusunka; idan an cire, ka kai ƙorafi bankinka da lambar cinikin da ke ƙasa."

Shi ma lokacin jira a faɗe shi da adadi, a daina cewa "nan ba da jimawa ba". Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a watan Yunin 2020 ta ba bankuna awa 72 su mayar da kuɗin cinikin POS ko na intanet da ya gaza. Wanda ya san haka ya san ranar da zai koma banki.

Duk jami'in da aka ɗora wa gyaran irin wannan saƙo, ya fara neman jerin lambobin amsa daga masu kula da na'ura. Bayan ya rubuta, ya miƙa wa wanda bai san aikin ba, ya tambaye shi: an cire kuɗin? Me za ka yi yanzu? Idan ya yi jim kafin ya amsa, da sauran gyara.