Kuɗin Ko-ta-kwana: Nawa Ya Kamata a Tara, Kuma Cikin Wata Nawa?

Kuɗin ko-ta-kwana shi ne ajiyar da gida ke komawa gare ta idan samu ya yanke ko wata larura ta faɗo ba shiri, kamar rasa aiki, jinkirin albashi, jinya ko gobarar shago. Ana auna girmansa da yawan watannin da zai iya riƙe gida, shi ya sa lissafin ke farawa daga abin da gidan ke ci a wata. Albashi ba ya cikin wannan ma'aunin, domin mutum biyu na iya karɓar albashi ɗaya amma nauyin da ke kansu ya sha bamban.

Abin da ake ƙirgawa shi ne na dole: abinci, haya, kuɗin makaranta, kuɗin mota, wuta da ruwa da makamashin girki, magani. Anko da gudunmawar biki da canjin waya suna iya jira. A ɗauki misalin ma'aikaci a Kano mai albashin naira 250,000. Abinci na cin 95,000 a wata, kuɗin mota 25,000, wuta da ruwa da gas 15,000, magani da katin waya 10,000.

Inda lissafi ya fi tuntuɓe shi ne kuɗaɗen da ba sa zuwa kowane wata. Haya a Nijeriya galibi ta shekara ce, kuɗin makaranta kuma zango-zango, don haka mai lissafi da ka yakan mance da su har sai mai gida ya aiko. Maganin wannan shi ne a raba su gida 12. Hayar 300,000 ta zama 25,000 a wata, kuɗin makaranta 40,000 sau uku a shekara ya zama 10,000. Jimillar gidan ta tashi 180,000 ke nan, ba 145,000 da aka fara gani ba. Littafin cefane na wata biyu ko uku ya fi ƙiyasi gaskiya, saboda wata guda na iya zuwa da sauƙi ko da tsanani.

Masu ba da shawara kan harkar kuɗi sun saba cewa a tara na wata uku zuwa shida. Mai albashin da ke shigowa a kan kari, musamman idan akwai wani mai samu a gidan, zai iya tsayawa a uku. Ɗan kasuwa, manomi da mai aikin hannu, waɗanda samunsu ke hawa da sauka, sun fi buƙatar shida. A misalin nan, wata uku 540,000 ne, wata shida kuma 1,080,000.

Sanin tsawon lokacin tarawa bai da wuya: a cire abin da ke hannu daga abin da ake nema, a raba saura da abin da ake ajiyewa duk wata. Idan mutumin yana da 60,000 a ajiye, yana kuma iya ware 30,000, saura 480,000, wato wata 16. Matakin wata shida zai ci wata 34. Idan rabon bai fita cif ba, sama ake zagayowa: mai ajiye 25,000 zai sami 19 da ɗoriya, wato wata 20. Adadin da za a yi rabon da shi lallai ya zama wanda ake iya warewa har a watan azumi da na sallah, domin adadin da aka ɗauko daga wata mai albarka ɗan alkawari ne kawai a takarda.

Tsadar kaya kuma tana matsar da zangon gaba. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, kuma a irin wannan yanayi lissafin bara ba ya riƙe gidan bana. Idan bayan shekara guda kashe-kashen gidan sun ƙaru da kashi 20, suka koma 216,000, abin nema ya zama 648,000. A lokacin mutumin ya tara 420,000, saura 228,000, wato ƙarin wata 8. Wata 16 ya koma 20. Saboda haka ya dace a sake lissafin duk wata shida, ko duk lokacin da haya, albashi ko yawan iyali ya canja.

Abin da ake cewa yana hannu ma sai an tantance. Zubin adashi ba ya shiga, tunda ba a kwasa sai layi ya zo, haka bashin da ake bin wani da filin da sai an nemi mai saye. Abin da ke shiga shi ne kuɗin da za a iya taɓawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a asusun banki dabam da na cefane, da ɗan tsaba a gida, kamar yadda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna amfaninsa. Idan an ciri wani abu don larura, sai a rage shi daga abin da ke hannu a sake rabon.