Bangon Bulo a Wasan Kwamfuta: Zurfin Gaske da Zurfin Ruɗin Ido

Bangon bulo da ake gani a wasan kwamfuta, sau da yawa shafaffen allo ne da aka lulluɓe da hoto. Don ya nuna tudu da kwari, akan haɗa shi da taswirar tsayi, wato hoto mai baƙi da fari: fari tudu, baƙi kwari. Hanyoyi biyu ake bi wajen aiki da ita.

Ta farko ita ce wadda manhajojin zane ke kira Displacement, wadda Robert Cook ya bayyana a 1984. Ana yayyanka bangon zuwa ƙananan alwatika, sannan a tura kowace kusurwa waje ko ciki gwargwadon abin da taswirar ta nuna. Bulon yakan fito da gaske, har inuwarsa da gefensa su nuna. Tsadarta yawan alwatika: bango mai mita 4 a faɗi da 3 a tsayi, idan aka yanka shi santimita ɗai-ɗai, zai ci alwatika 240,000.

Ta biyu, Parallax Occlusion Mapping ko POM, Natalya Tatarchuk ta kamfanin ATI na cikin waɗanda suka fito da ita wajajen 2004. Ba ta taɓa siffar bangon. A kowane ɗigon allo, katin zane yana bin layin kallo taki-taki cikin taswirar har ya ci karo da tudu, sai ya ɗauko launin wurin. Idan bangon ya cika rabin allo mai ɗigo 1920 sau 1080, kuma kowane ɗigo ya yi taki 32, za a karanta taswirar kusan sau miliyan 33 a hoto guda.

Asirinta yakan tonu ne a kusurwar gini. Tsakiyar bango ta yi zurfi, amma gefensa miƙe yake kamar an yanka da wuƙa. In kuma an rage taki don sauƙi, mai kallo daga gefe zai ga bulon ya rarrabu hawa-hawa.

Nisa ne ke yanke hukunci. A wannan allon, da kusurwar kallo digiri 60 daga sama zuwa ƙasa, ɗigo ɗaya yana ɗaukar kimanin santimita 2 a nisan mita 20. Ramin siminti mai zurfin santimita 2 bai wuce ɗigo guda ba a can, don haka Normal Map, wadda haske kawai take sarrafawa, ta wadatar.

POM ta fi dacewa da daɓen duwatsu da ake takawa, inda gefe ba ya fitowa fili. Displacement kuwa na abin da siffarsa ke fita a gaban sararin sama ne, kamar dutse ko rufin gida, da kuma fim, inda hoto guda kan ɗauki sa'o'i ana haɗa shi. A nan taswira mai bit 16 ta fi, domin mai bit 8 matakai 256 kaɗai gare ta, kuma sukan bayyana kamar matattakala a gangare mai santsi.