Wa Za A Tambaya, Kuma Yaushe? Tsara Bincike Kan Damuwar Jarrabawa

Ɗalibar ajin ƙarshe da ke son auna damuwar da ɗalibai ke shiga lokacin jarrabawa takan ɗauka cewa aikin shi ne raba takardar tambayoyi. Amma tun kafin a buga takardar ake gyara binciken ko a ɓata shi.

A ce tsangayarta na da ɗalibai 2,000. Idan ta bi lissafin Yamane, wato n = N/(1 + Ne²), ta yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, mutum 333 take buƙata. To, su wane ne 333 ɗin? In ta tsaya ƙofar laburare, masu ƙwazo kaɗai za ta samu. Wanda damuwa ta fi ci wa rai sau da yawa yana kwance a ɗaki, ya daina ma shiga aji. Mafita ita ce ta karɓi jerin sunaye, ta kasa shi aji-aji, ta yi ƙuri'a. Ajin farko mai mutum 600 zai ba da 100, aji biyu da uku masu ɗari biyar-biyar su ba da 83 kowanne, ajin ƙarshe mai 400 ya ba da 67.

Game da ma'auni, ban ga dalilin ƙirƙiro tambayoyi da ka ba. Akwai wanda Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka fitar a 1983, kuma gajeren nau'insa, PSS-10, tambayoyi goma ne, makinsa daga 0 zuwa 40. Huɗu daga cikinsu a juye ake ba su maki. Wanda ya manta da wannan, jimillarsa ta lalace.

Ma'aunin yana tambaya ne kan watan da ya wuce, saboda haka awo ɗaya a makon jarrabawa ba zai nuna laifin jarrabawar ba. Wataƙila kuɗin makaranta ne ke hana yaron barci. Sai a auna a farkon zango, a sake aunawa dab da jarrabawa, a kwatanta makin mutum da na kansa.

Nan batun amana ya shigo, domin haɗa amsoshi biyu na buƙatar shaida. Kada a nemi suna ko lambar rajista. Kowa ya ƙirƙiri lambar sirri da zai tuna. Kada malami ya raba takardar, don wanda ke jiran maki a hannunsa ba zai iya cewa a'a ba. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince tukuna, kowa ya san yana da ikon janyewa, ɗan ƙasa da shekara 18 kuma a nemi yardar iyayensa. A ƙasan takardar a rubuta inda ofishin ba da shawara yake da lokacin buɗe shi, domin cikin masu amsawa za a samu wanda tambayoyin suka sosa masa inda yake ciwo.