Kafin Ka Danna Buy: Yadda Ake Lissafin Girman Ciniki

Matasanmu da yawa da suka shiga kasuwar canjin kuɗaɗe ta intanet sun ƙware wajen karanta zanen farashi. Za ka ji yaro yana zayyana maka inda dala za ta dosa gobe kamar shi ke riƙe da linzaminta. Amma ka tambaye shi nawa zai yi asara idan cinikin da ya buɗe yanzu ya juya masa baya, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. A manhajar MetaTrader da akasarinsu ke amfani da ita akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta girman ciniki, inda za ka ga 0.01 ko 0.10 ko 1.00. Mafi yawan asusun da ke ƙonewa, a wannan gurbin wutar ke kamawa, domin mutane na cike shi da abin da zuciya ta raya musu. Alhali lambar da ta dace da wurin ba zaɓarta ake yi ba, lissafi ne ke fito da ita, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba.

Abu uku ake buƙata. Na farko, nawa ne a asusunka. Na biyu, kashi nawa na wannan kuɗi ka yarda ka rasa a ciniki guda. Na uku, wace tazara ce tsakanin farashin da za ka shiga da farashin da za ka fita idan hasashenka bai yi daidai ba. Wannan wurin fitar shi ne birkin asara, wanda a manhaja ake gani da sunan Stop Loss.

Mu ɗauki wanda ke da dala 1,000 a asusunsa, ya kuma yanke wa kansa cewa ba zai saka fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a haɗari ba a kowane ciniki. Dala 10 ke nan. Wannan doka ta kashi ɗaya ko biyu ba wata hukuma ce ta kafa ta ba, al'ada ce da 'yan kasuwar suka daɗe a kanta, kuma dalilinta a bayyane yake. Ko gwani yakan faɗi sau da yawa a jere. Wanda ke saka kashi ɗaya, in ya faɗi sau goma ba tare da ya ci ko sau ɗaya ba, zai tashi da kusan dala 904, jarinsa na nan da ransa. Wanda ke saka kashi goma kuwa, faɗuwa goma za ta bar shi da dala 349 kacal, kuma sai ya ninka abin da ya rage masa kusan sau uku kafin ya koma inda ya fara. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya ƙara yin ciniki da hankali, ramuwa kawai yake nema.

To, mutuminmu ya duba EUR/USD, wato yuro a kan dala, ya ga farashi na 1.0850, yana kuma kyautata zaton zai hau. Kafin ya yi tunanin girman ciniki, sai ya tambayi kansa: ina farashin zai sauka in tabbatar na yi kuskure? Ya duba zanen, ya ga a 'yan kwanakin nan duk lokacin da farashi ya gangaro wajen 1.0820 sai ya sake ɗagawa. Idan ya keta wannan wuri ya wuce, dalilin sayen ya rushe. Saboda haka ya ajiye birkinsa ƙasa kaɗan da wurin, a 1.0810. Ana auna motsin farashi da abin da ake kira pip, wanda a EUR/USD shi ne lamba ta huɗu bayan ɗigo. Daga 1.0850 zuwa 1.0810 pip 40 ne. (Dillalai da yawa na nuna lamba biyar bayan ɗigo, sai ka ga manhaja ta ƙirga maka 400. Raba ta goma, kada ta ruɗe ka.)

Saura sanin darajar pip ɗaya. Cikakken lot, wato 1.00, yuro 100,000 ne, kuma a asusun dala kowane pip nasa dala 10 ne. Ke nan 0.10 dala ɗaya ce a kowane pip, 0.01 kuma santi 10. Ga lissafin:

```
girman ciniki = asarar da ka yarda da ita ÷ (tazarar birki × darajar pip a lot ɗaya)
10 ÷ (40 × 10) = 0.025
```

Manhaja ba ta karɓar 0.025 a wurin yawancin dillalai, sai dai 0.02 ko 0.03. A nan ƙasa ake komawa. Da 0.02, idan birki ya kama, asarar dala 8 ce. Da 0.03 kuwa dala 12 ce, an riga an ƙetare iyakar da mutum ya shata wa kansa. Wani zai ce dala biyu mece ce? Ba a kan dala biyun ake magana ba, a kan sabo ake. Wanda ya saba ƙara ɗan kaɗan yau, ranar da ya ji ciniki ya yi masa daɗi zai ƙara da yawa.

Abin lura shi ne yadda lambar ke sauyawa alhali asarar na nan a wuri ɗaya. Da a ce birkin pip 20 ne, lissafin zai ba shi 0.05. Da pip 100 ne, zai ba shi 0.01. A duka biyun dala 10 ce ke cikin haɗari. Birki mai nisa na tafiya da ƙaramin ciniki, birki na kusa na ba da damar babba. Wannan ne ya sa masu cewa "ni kullum 0.10 nake bugawa" suke yaudarar kansu. Suna ganin sun tsaya a kan tsari ɗaya, amma yau da birkin pip 15 dala 15 suka saka, gobe da birkin pip 80 dala 80 suka saka. Sai su ci ƙanana sau huɗu, babbar asara ɗaya ta share duka, su koma suna zargin dillali.

Kuskuren da ya fi wannan yawa, a ganina, shi ne juya lissafin baya. Mutum ya riga ya ƙudurta zai buɗe 0.10 saboda ribar da yake hange, sai ya matso da birkinsa zuwa pip 10 don asarar ta tsaya a dala 10. A takarda komai ya yi daidai. A kasuwa kuwa EUR/USD na iya yin motsin pip 10 sama da ƙasa cikin 'yan mintuna ba tare da wani labari ya fito ba. Sai birkin ya kama, a fitar da shi, daga baya farashi ya tafi inda ya yi hasashe tun farko, shi kuma yana kallo. Tela ba ya yanka yadi sannan ya nemi mai jikin da zai shiga rigar. Zanen farashi ne ke faɗin inda birki zai zauna, girman cinikin kuma ya bi shi. Alamar wanda ke da wannan ciwo ba ta ɓuya: ya duba tarihin cinikinsa, zai ga sau da yawa an fitar da shi da ƙaramar tazara kafin farashi ya juyo.

Za ka lura ban kawo zancen ƙarfin rancen da dillalai ke tallatawa ba, irin su 1:100 da 1:500. Ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Aikinsa kawai shi ne rage kuɗin jinginar da dillali zai riƙe. Da 1:500, mutuminmu zai iya buɗe cikakken lot da jinginar dala 217, manhaja kuma ba za ta hana shi ba. Amma pip 40 ɗin nan da ya kamata ya ci masa dala 8 zai ci dala 400.

Sai zinariya, XAUUSD, wadda ta shiga ran matasa sosai. Wanda ya saba da yuro yakan ɗauko lambarsa ya liƙa mata, kuma nan ake kuka. A wurin yawancin dillalai lot ɗaya na zinariya oza 100 ne, don haka idan farashi ya motsa da dala ɗaya, mai 0.01 ya ci ko ya rasa dala ɗaya. Dillalai kan bambanta, shi ya sa ya kamata a buɗe bayanan hajar a manhaja a duba layin Contract size kafin komai. A ce zanen ya nuna birki na buƙatar tazarar dala 15. Mafi ƙanƙantar ciniki, 0.01, asararsa dala 15 ce, iyakar mutuminmu kuwa dala 10. Amsar lissafin ita ce wannan ciniki ya fi ƙarfin asusunsa, ya bar shi ya wuce. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Lissafin na da iyakarsa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Ya ginu ne a kan zaton cewa za a fitar da kai daidai farashin da ka ajiye birki, alhali birki umarni ne na a rufe ciniki a farashin da aka samu bayan an kai wurin. Lokacin fitar manyan labarai, ko idan kasuwa ta rufe daren Juma'a ta buɗe daren Lahadi a wani farashi dabam, ana iya tsallake birkinka. Misalin da 'yan kasuwa ba sa mantawa shi ne na 15 ga Janairun 2015. Tun 2011 babban bankin Suwizalan ke tare yuro kada ya sauka ƙasa da 1.20 a kan kuɗin ƙasar. A ranar ya janye hannunsa ba tare da gargaɗi ba, cikin mintuna farashi ya rufto ƙasa da 1.00. Waɗanda suka ajiye birki kusa da 1.20 an fitar da su can ƙasa, wasu har suka tashi da bashi a wuya, kamfanin dillanci na Alpari UK kuma ya durƙushe. Haka nan wanda ya sayi EUR/USD da GBP/USD a lokaci guda, kowanne da kashi ɗaya, ya sani a zahiri kashi biyu ya ɗora a kan faɗuwar dala, domin sau da yawa tare suke tafiya.

Inda gizo ke saƙar ga yawancin masu farawa shi ne ƙaramin jari. Mai dala 100, kashi ɗayansa dala ɗaya ce. Da 0.01 a EUR/USD, birkinsa ba zai wuce pip 10 ba, wato ya faɗa tarkon da muka ambata. In ya ajiye birki a pip 40 kamar yadda zanen ya nuna, kashi huɗu na jarinsa ya saka. Wasu dillalai na da asusun santi, inda dala 100 ke bayyana a matsayin 10,000, ana kuma iya buɗe ciniki ƙanƙane sosai har lissafin ya zauna. In babu irin wannan, zaɓin da ya rage masa shi ne ya ci gaba da asusun gwaji har jarin ya taru, ko ya shiga da sanin cewa faɗuwa goma a jere za ta cinye masa dala 40 daga cikin ɗarin nan.