Kundin Tallar Kayan Katako: Yadda Hoto Ke Faɗin Girma da Irin Itace

Kundin tallar kayan katako shi ne jerin hotunan da kafinta ke nuna wa mai saye kafin a yi ciniki, ko dai a buga shi a takarda ko a tura shi ta waya. Kayan da aka yi da hannu sun fi na kamfani wuyar nunawa, domin babu falle biyu na katako da suka yi kama sak. Kamfanin IKEA, wanda ya fara buga kundinsa a 1951 ya sanar da daina bugawa a 2020, ya kai ga haɗa yawancin hotunan kayansa da kwamfuta, kuma hakan ya yi masa aiki don tebur dubu na kamfani duk fuska ɗaya ce. Kafintan da ke aiki da madaci ko maɗobiya ba shi da wannan damar. Abin da yake sayarwa shi ne katakon kansa, don haka dole a ɗauki ainihin kayan.

Matsala ta farko ita ce girma. Mai ɗaukar hoto yakan matsa kusa har kayan su cika fuskar kyamara. Idan aka jera hotunan, sai durowar gefen gado ta fito kai ɗaya da sif mai ƙofa huɗu. Mai saye ba ya karanta lambobin da ke ƙasan hoto kamar yadda yake yarda da idonsa, daga nan rigima ke tashi ranar da aka sauke kaya.

Maganin shi ne a kafa kyamara wuri guda, kaya ne za su riƙa zuwa gabanta. Ana ɗora ta a kan ƙafa uku, a manna tef a ƙasa inda ƙafafun suka tsaya, a ja wani layin tef kimanin mita huɗu a gaba. Kowane kaya aka kawo, fuskarsa ta gaba ce za ta hau wannan layin, ba bayansa ba, domin abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto. Tsayin kyamara daga ƙasa, a ce santimita 120, ba ya canzawa, kuma ba a karkata ta sama ko ƙasa. Da zarar an ɗaga bakinta, gefunan sif za su tsuke ta sama, a ga kamar kafinta bai iya awo ba. Mai amfani da waya ya guji ainihin idonta mai faɗi, wanda ke kumbura abin da ke kusa. Ya danna 2x ko 3x idan wayar na da su, ya ja da baya.

A ɗauki misalin saitin kayan ɗakin amarya. Idan aka zaɓi cewa kowane santimita 20 na kaya zai zama santimita 1 a shafi, sif mai tsayin mita biyu zai fito santimita 10. Gado shida da shida, wanda faɗinsa ya kai kimanin santimita 183, zai ɗauki santimita 9 da ɗan ɗoriya. Durowa mai tsayin santimita 50 kuwa za ta tsaya a biyu da rabi kacal. Ta yi ƙanƙanta, gaskiya ne, kuma a nan ne mai tsara shafi ke jin kwaɗayin ƙara mata girma. Bai kamata ba. A bar ta haka a jerin saitin, a ba ta nata hoton daban a shafi na gaba, inda ƙananan kaya ke da ma'auninsu, misali 1 a kan 10, a kuma rubuta haka. Ana gane an yi daidai idan aka ɗora rula a kan shafin, lissafi ya dawo da ainihin awon.

Sai zanen jikin katako, wanda shi ne ke bambanta aikin gaske da faifan da aka lulluɓe da leda mai kamar itace. Hasken da ya fito daga gaba, musamman filashin waya, yana shafe zanen ya bar farin tabo a kan banish. Wanda ke fito da shi shi ne hasken gefe, ya zo a kwance yana shafar fuskar katakon, kamar na taga ko ƙofar shago da hantsi. Madacin da aka tsaga ta hanyar da ta dace yana da ratsi-ratsi masu sheƙi, wani ya yi haske wani ya yi duhu, kuma suna musanya wuri idan aka juya fallen. Saboda haka ana juya katakon a hankali ana kallo ta kyamara har ratsin ya bayyana. Idan ƙyallin banish ya ƙi tafiya, akwai gilashin da ake ɗaura wa bakin kyamara mai yanke ƙyalli, amma ba a murɗa shi har ƙarshe, don kada katako mai sheƙi ya fito kamar ba a shafa masa komai ba. Lokacin hunturu kuwa a goge kayan dab da ɗauka, domin hasken gefe ba ya ɓoye ƙura ko ɗaya.

Shi ma hoton kusa yana da ƙa'idarsa. A ɗauki fili iri ɗaya a kowane katako, kamar santimita 10 a kan 10, zanen ya miƙe ta fuska guda a duk hotunan, yadda mai saye zai iya gwama kawo da melina. A ƙara hoton mahaɗa ɗaya, inda ƙafa ta shiga firam, don masu sanin aiki nan suke fara dubawa.

Launi ya fi komai saurin yaudara. Farin ƙwan lantarki yana mayar da jan madaci fari-fari, mai ruwan ɗorawa kuma yana mayar da melina kamar an shafa mata manja. Haɗa hasken taga da na ƙwai a hoto ɗaya ya fi muni, gara a kashe ɗaya. Ana sa kati mai ruwan toka a hoton farko, a daidaita launi da shi, a bi da sauran a kan wannan saitin. Kafin a buga da yawa, a fitar da shafi ɗaya a ajiye shi gefen guntun katakon a hasken rana. Yana da kyau kuma a rubuta cewa madaci yana ƙara duhu bayan watanni, kuma zanen kowane falle daban ne. Mai turawa ta WhatsApp ya tura a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi, zanen ya dushe.

Hoton ɗaki shi ne na ƙarshe, kuma aikinsa ya nuna yadda kaya za su zauna a gida. Bango ɗaya, tayil ɗaya, labule ɗaya a duk kundin, launinsu mai sanyi wanda ba zai yi kishi da katako ba. Tayil mai santimita 60 da ƙofar da ta ɗan leƙo a gefe suna taimaka wa ido ya kimanta girma. Ɗakin ya zama irin na masu saye: a ɗaki sha biyu da sha biyu, wato kimanin santimita 366, idan gado ya ci 183, zurfin sif ya ci 60, abin da ya rage 123 ne, kuma a ciki durowa da hanyar wucewa za su raba. Ɗaukar saitin a katafaren falo yana ɓoye wannan. Zanin gado kada ya sauko ya rufe firam, a ɗan karkata madubi don kada mai hoto ya fito a ciki, kayan ado kuma kada su wuce biyu ko uku. A ƙasan hoton a rubuta ƙarara cewa katifa, darduma da labule ba sa cikin farashi.