"Sai Kun Zo" Ba Ya Kawo Ciniki

Duk mai duba status na WhatsApp ya san irin wannan sanarwa: "Alhamdulillah, sabon dambun nama ya samu. Ga daɗi ga sauƙi. Sai kun zo." Ƙarƙashinta sai addu'o'i, wannan ya ce Allah ya kawo kasuwa, wancan ya ce Allah ya sa albarka. Addu'a kam ana so, amma har dare ya yi ko roba ɗaya ba ta fita ba.

Laifin ba na dambun ba ne. Sanarwar ce ta bar wa mai saye aiki: ya tambayi kuɗi, ya tambayi unguwa, ya tambaya ko ana aikawa. Mutumin da ke lilo da yatsa a waya ba ya da wannan haƙurin. Shi ya sa idan amsoshin da ke shigowa duk "nawa ne?" da "a ina kuke?" ne, to tallar ba ta gama aikinta ba. Masu ɓoye farashi su ce sai an biyo su ta bayan fage kuwa, da hannunsu suke korar mai jin nauyin tambaya.

A ce mai dambun a Kano take, Sallah kuma ta ƙarato. Ga yadda za ta sake rubutawa:

"Dambun naman sa na tarbar baƙin Sallah. Ƙaramar roba naira 4,000, babba 7,500. Muna kaiwa ko'ina cikin Kano, kuɗin ɗan aike daban. Turo kalmar DAMBU da adadin robar da kike so ta WhatsApp kafin Magaribar Alhamis, ranar Asabar kayanki su iso."

Jimlar ƙarshen nan ita ce zuciyar tallar. Abu guda ta nema, ta faɗi inda za a yi shi da lokacin da za a rufe. Da ta haɗa da "ku kira, ku bi shafinmu, ku tura wa 'yan'uwa", da mai karatu ya rasa wanda zai fara, ya wuce. Kalmar DAMBU ma tana da wani amfani: da ita za ta ƙirga mutum nawa wannan tallar ta kawo.

A Facebook tana iya rage wa mai saye wahalar kwafar lamba. Ta rubuta `wa.me/234`, ta liƙa lambarta ba tare da sifilin farko ba (a Nijar `227` ne), ta ƙara `?text=DAMBU` a ƙarshe. Ana taɓawa hira ta buɗe, kalmar na rubuce. Sai dai a bayanin hoton Instagram irin wannan adireshi ba ya taɓuwa, don haka a can sai ta ajiye shi a bayanan shafinta, ta ce a duba can.

Wa'adin kuwa dole ya zama gaskiya. Alhamis ta zaɓa domin Juma'a za ta sayi nama ta dafa ta daka. Wadda kullum "saura biyar" take cewa, mako biyu ya isa abokan cinikinta su gane ta.